Binciken kasafin kuɗi a Excel

Binciken kasafin kuɗi a Excel shi ne bin jadawalin kasafi daki-daki kafin a amince da shi, don a tabbatar cewa fomulolinsa suna lissafa abin da ake nufi, zaton da aka gina shi a kai yana a bayyane, kuma ba a manta da wani fannin kashe kuɗi ba. Akantoci, ma'ajin ƙungiyoyi da masu ƙananan sana'o'i duk suna yin sa. Wahalar aikin ita ce Excel yana nuna alamar kuskure kamar `#REF!` ko `#DIV/0!` ne kawai idan lissafi ya gagara gaba ɗaya. Fomular da ta tara layukan da ba su cika ba za ta fitar da adadi tsaf, ba tare da wani jan kunne mai ƙarfi ba.

Wannan ya taɓa faruwa ga manyan masana. A 2013, Thomas Herndon, ɗalibi a Jami'ar Massachusetts Amherst, tare da malamansa biyu, sun gano cewa jadawalin Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na binciken 2010 kan bashin ƙasashe ya tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici, domin fomular ba ta kai ƙarshen layukan ba. Ba wannan kaɗai ce matsalar binciken ba, amma ita ce aka fi tunawa.

Misalin da za a bi

A ɗauki kasafin kiwon kajin nama 500 na wata biyu. Farashin na misali ne. Sunan kaya yana ginshiƙin A, yawa a B, farashi a C, jimilla a D. Layi na 2, 'yan tsaki 500 kan naira 900. Layi na 3, abinci buhu 80 kan 22,000. Layi na 4, rigakafi da magani, yawa 1 kan 60,000. Layi na 5, albashin mai kula, wata 2 kan 40,000. Layi na 6, gawayin ɗumama, buhu 10 kan 5,000. Jadawalin ya ce kuɗin da za a kashe 2,190,000 ne, ciniki 3,000,000, riba 810,000.

Kurakuran fomula

Matakin farko shi ne a daina kallon sakamako, a kalli abin da ke bayansa. Maɓallin `Show Formulas` a ƙarƙashin `Formulas` yana sa kowane akwati ya nuna ainihin abin da aka rubuta a ciki. A misalinmu abu biyu ne za su fito fili. Akwatin jimilla yana ɗauke da wannan:

```
=SUM(D2:D5)
```

An ƙara layin gawayi ne daga baya, dab da saman jimilla, kuma ba kullum Excel ke faɗaɗa fomula da kansa a irin wannan hali ba. Naira 50,000 ta zube ke nan. `Trace Precedents` yana zana shuɗin layi a kewayen akwatunan da fomula ke ɗebowa, a nan ma mai bincike zai ga D6 a waje.

Na biyu ya fi haɗari. A D3, inda ya kamata a ga `=B3*C3`, sai ga 1600000 da aka buga da hannu tun lokacin da buhu yake 20,000. An sabunta farashi a C3, amma jimillar ba ta motsa ba. Hanyar kamo irin waɗannan a babban jadawali ita ce a zaɓi ginshiƙin jimilla, a danna F5, a shiga `Special`, a zaɓi `Constants`. Duk akwatin da ya haskaka a tsakiyar fomuloli abin tuhuma ne.

Bayan gyara, sai a sake lissafin ta wata hanya dabam wadda ba ta bi ta ginshiƙin D ba:

```
=SUMPRODUCT(B2:B6,C2:C6)
```

Wannan ya ba da 2,400,000. Bambancinsa da tsohon adadi 210,000 ne, wato 160,000 na abinci da 50,000 na gawayi. Kada a rufe wannan mataki sai an san asalin kowace naira ta bambancin, domin idan an bar saura ba bayani, akwai kuskure na uku da ba a gano ba.

Akwai wasu da ake dubawa a gurguje. Adadin da Excel ya ɗauka a matsayin rubutu yakan jingina hagu a akwatinsa, kuma `SUM` ba ya ƙirga shi. Idan `COUNT` mai ƙirga lambobi kaɗai da `COUNTA` mai ƙirga duk akwatin da ke da wani abu a ciki suka saɓa a ginshiƙin lambobi, alamarsa ke nan. `SUM` yana haɗawa da layukan da aka ɓoye. `IFERROR` da aka sa ya mayar da sifili yana rufe kuskure ne, ba ya gyara shi. Idan kuma `Calculation Options` yana kan `Manual`, adadin da ake gani na iya zama tsoho.

Zaton da ya ɓuya

Fomula tana iya zama daidai, amma abin da ta ɗauka a matsayin gaskiya ya zama ba haka ba. Akwatin ciniki yana cewa `=500*6000`. A cikin wannan ɗan rubutu an yi zato biyu ba tare da an faɗa ba: cewa duk kajin 500 za su kai kasuwa da rai, kuma kowace za ta tafi a 6,000. Duk wanda ya yi kiwo ya san na farkon ba ya faruwa. Idan aka sa asarar kashi 5 cikin ɗari, kaji 475 ne za a sayar, ciniki ya koma 2,850,000, riba 450,000.

Gyaran shi ne a fitar da kowane zato zuwa akwatinsa, a rubuta sunansa, da inda aka samo shi, da ranar da aka tambayo farashin, sannan fomuloli su riƙa ɗebowa daga can. Idan za a ja fomular zuwa ƙasa, a kulle akwatin zaton da alamar dala, kamar `$G$2`, in ba haka ba zai zame zuwa G3 da G4 waɗanda babu komai a cikinsu. Buhu 80 ma zato ne: buhu mai kilo 25 yana nufin kilo 4 ga kowace kaza, kuma idan kasuwa ta yi sanyi aka riƙe su mako guda, abincin ba zai isa ba.

Daga nan sai gwaji. A canza zato ɗaya, a ga yadda riba ta motsa, a mayar da shi, a taɓa na gaba. Ƙarin kashi 10 a farashin abinci yana cinye 176,000, alhali irin wannan ƙari a kuɗin magani 6,000 ne kacal. Don haka farashin buhu ne ya cancanci a sake kiran dila a tabbatar.

Abin da ba a rubuta ba

A nan Excel ba shi da abin taimako, tunda ba ya iya nuna layin da babu shi. Mai bincike yakan kwatanta kasafin da rasidai da bayanan banki na zagayen da ya wuce, ya kuma zauna da wanda ke aikin da hannunsa su bi shi daga ranar farko zuwa ta ƙarshe: wa ya kawo buhunan, me aka shimfiɗa a ƙasa, da me aka haska ɗakin da dare? Tambayoyin nan sun fito da dusar katako ta 30,000, kuɗin mota 40,000, ruwa da man janareta 50,000. Kashewa ta zama 2,520,000. Idan aka ware kashi 5 na ko-ta-kwana, wato 126,000, ta kai 2,646,000, ribar da ta fara a 810,000 kuma ta tsaya a 204,000.

Ya kamata a lura cewa wannan ajiya ta 126,000 ba za ta ɗauki ƙarin 176,000 na abinci ba, saboda haka girmanta ya dace ya fito daga gwajin zato, ba daga al'adar sa kashi 5 ba. Sauran abubuwan da aka saba mantawa sun haɗa da cajin banki, haraji, gyaran kayan aiki da ladan mai gonar kansa. Haka kuma jimilla ba ta nuna lokaci: a kiwon kaji kusan duk kuɗin yana fita kafin a sayar da ko ɗaya, don haka ana ƙara jadawali na mako-mako da zai nuna ranar da aljihu zai fi yin ƙasa.