Madarar da ta ɓuya a cikin cakulan: abin da dokar rubutun jikin abinci ke nema

Ƙasashe da yawa sun ɗora dokarsu ta rubutun jikin abincin da aka ƙunshe a kan ƙa'idar 1985 ta Codex Alimentarius, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya. Ƙa'idar ta ce a jero kayan haɗi gwargwadon nauyinsu a lokacin haɗawa, mafi nauyi a gaba.

A ce mai yin biskit ya kwaɓa kilo ɗaya: fulawa giram 500, sukari 250, man girki 200, gutsattsarin cakulan 40, gishiri 10. Haka zai jera su a jikin ledar. Idan ka ga sukari a sahu na biyu, ka san ba barbaɗawa aka yi ba, a nan kwatan kwaɓin ne.

To, a kan cakulan ɗin ake yin tuntuɓe. Shi kansa haɗi ne, akwai koko da sukari da madarar gari a cikinsa. Ƙa'idar ta yi sassauci, ta ce haɗin da bai kai kashi 5 cikin ɗari na abincin ba, ba dole ne a zayyana duk abin da ke cikinsa ba. Na mai biskit kashi 4 ne, sai ya rubuta "cakulan" kawai, ya ɗauka ya gama. Bai gama ba. Sassaucin bai shafi abubuwan da ke tayar wa wasu mutane borin jini ba, irin su madara, ƙwai, gyaɗa, kifi, jatan lande da alkama. Dole a ambace su ko da ɗan kaɗan ne. Uwar da ɗanta ba ya jituwa da madara za ta karanta jerin, ba ta ga madara ba, ta miƙa masa. Cikin mintoci leɓɓansa na iya kumbura, numfashi ya sarƙe. Ita ba ta yi sakaci ba, rubutun ne ya yaudare ta. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mai sana'a ya karanta jikin duk abin da ya sayo ya zuba a kwaɓinsa, musamman ranar da ya sauya inda yake saro kaya.

Nauyin da ake rubutawa a jikin ƙunshin kuwa na abincin ne kaɗai, ban da leda ko gwangwani.

Kwanan wata iri biyu ne. "Ya fi kyau kafin" magana ce ta inganci, biskit na iya yin laushi bayan ranar. "A yi amfani da shi kafin" kuwa, idan ranar ta wuce, kada a ci. Dukkansu sun dogara da yadda aka adana abincin, don haka dole a rubuta sharaɗin ajiyar. Madarar da aka ce a ajiye a firji, idan ta wuni a cikin mota da rana, kwanan watan da ke jikinta ya tashi daga aiki.