Me ya sa manajan reshe ke ƙin aiki mai riba?

An daɗe ana cewa duk aikin da manajan reshe ya ƙi, babu riba a cikinsa. Amma sau da yawa ma'aunin da ake auna ƙwazonsa da shi ne sila.

A ce jarin reshensa naira miliyan 100 ne, ribarsa miliyan 25, wato kashi 25 cikin 100. Sabon aikin miliyan 20 zai kawo miliyan 4, kashi 20 ke nan. Idan ya karɓa, kasonsa zai sauko zuwa kusan 24, sai a ga kamar ya gaza, alhali kashi 15 kawai kamfanin ke nema daga jarinsa.

Gwada da kanka: cire kashi 15 na miliyan 20, wato miliyan 3, daga ribar miliyan 4 ta sabon aikin. Rarar miliyan 1 ce ta saura, kuma ita kamfanin zai rasa idan manajan ya ƙi aikin. Don Allah a tura wa masu duba rahoton rassa.