Injinan Spot da Preemptible

Injinan Spot kwamfutoci ne na haya da kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft ke bayarwa da rahusa daga rarar injinan da ke zaune ba aiki a cibiyoyinsu, bisa sharaɗin za su iya ƙwace su duk lokacin da masu biyan cikakken farashi suka buƙata. Amazon ce ta fara sayar da su a watan Disamba na 2009, kuma rangwamen yakan kai kashi 90 cikin ɗari. Google ta fito da nata a 2015 da sunan Preemptible, waɗanda ba sa wuce awa 24 a kunne; Spot ɗinta na baya-bayan nan ba su da wannan iyaka. Sun dace da aikin da za a iya katsewa a ci gaba, kamar sarrafa tulin bidiyo ko lissafin bincike.

Kafin a ƙwace inji akan yi gargaɗi: minti 2 a Amazon, kusan daƙiƙa 30 a Google da Microsoft. A Amazon, manhajar da ke cikin injin ce ke leƙa wannan adireshi, galibi duk bayan daƙiƙa 5:

```
http://169.254.169.254/latest/meta-data/spot/instance-action
```

Muddin amsa 404 ce, wato lambar da ke nufin ba a sami abin da aka nema ba, babu komai. Da zarar an sa ranar injin, amsar za ta zo da abin da za a yi masa, `stop` ko `terminate`, tare da lokacin.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne dogaro da wannan gargaɗi wajen ajiye aiki. A ɗauki aikin awa 10 wanda bayanan matsayinsa suka kai gigabait 20. Idan ana tura megabait 100 a daƙiƙa zuwa ma'ajiyar waje, turawar za ta ci daƙiƙa 200, alhali 120 kawai aka bayar. Injin zai mutu a tsakiyar rubutu. Shi ya sa ake ajiye matsayin aiki a kai a kai tun ba a yi gargaɗi ba, misali duk minti 30, ta yadda asarar ba za ta wuce kusan rabin awa ba. Minti biyun nan sai su tafi wajen daina karɓar sabon aiki da mayar da wanda ke hannu cikin jerin ayyukan da ke jira, don wani injin ya ɗauka.

Dole ajiyar ta kasance a wajen injin, domin faifan wucin gadi da ke jikinsa yana tafiya tare da shi. Kuma kada a goge tsohuwar ajiya sai sabuwar ta kammala. Guntuwar ajiya ta fi rashinta illa, tunda sabon inji zai iya ɗorawa a kanta.

Ƙwacewa takan shafi injina iri ɗaya a yanki ɗaya lokaci guda. Wanda ya kama injina hamsin duk samfuri ɗaya zai iya rasa yawancinsu cikin 'yan mintoci, don haka akan rarraba aikin kan samfura da yankuna daban-daban.