Horon juya ɗabi'a ga yaro mai tik

Tik wani motsi ne na farat ɗaya da ke maimaita kansa ba da niyyar mai yin sa ba, kamar yawan ƙifta ido, yamutsa fuska, ɗaga kafaɗa ko fizgar wuya. Yakan fara tsakanin shekara 4 zuwa 6, ya fi tsananta a shekara 10 zuwa 12, sannan ya lafa ga yawancin yara idan sun tasa. Horon juya ɗabi'a hanya ce ta rage shi ba tare da shan magani ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Nathan Azrin da Gregory Nunn, su ne suka fara bayyana ta a 1973.

Abin da horon ya dogara a kai

Kafin tik ya fito, yaro yakan ji wani abu a wurin, kamar ƙaiƙayi ko matsi, irin abin da mutum ke ji kafin atishawa. Da ya yi motsin sai ya ji sanyi na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin ne ke ƙara kafa ɗabi'ar. Horon yana koya masa ya gane wannan alama, ya tare ta da wani motsi da ba zai yiwu a haɗa shi da tik ɗin ba, har matsin ya wuce da kansa.

Yadda ake yi

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 11 da ke fizgar kai baya har wuyanta na ciwo. Da farko mai horarwa zai sa ta bayyana motsin dalla-dalla, wataƙila a gaban madubi. A nan za ta lura cewa haɓarta ce ke fara ɗagawa, kuma kafin nan takan ji ƙeyarta ta ɗaure. Suna hira, duk lokacin da motsin ya zo sai ta ɗaga yatsa. Wanda ya kuɓuce mata, shi zai nuna mata. Ana ci gaba har ta iya ɗaga yatsan tun kafin kan ya motsa.

Daga nan a zaɓi motsin tarewa: ta sunkuyar da haɓa kaɗan, ta ƙanƙame tsokar wuya a hankali, ta riƙe na minti 1 ko har matsin ya tafi, duk wanda ya fi daɗewa. Dole ya zama abin da za ta iya yi a cikin aji ba tare da an ankara ba, in ba haka ba an musanya mata wani abin kallo da wani ne kawai. Tik ɗaya ake kamawa a lokaci guda, a fara da wanda ya fi damun ta. Aikin iyaye shi ne yaba mata idan ta yi motsin tarewar, da tuna mata a hankali idan ta manta. Cewa "daina!" ba ya cikin horon.

Yawanci zama 8 ake yi cikin mako 10, haɗe da gano abubuwan da ke tayar da tik ɗin, kamar gajiya, fargaba da zumuɗi. A wani gwaji da aka wallafa a 2010 kan yara 126 masu shekara 9 zuwa 17 a Amurka, kusan kashi 53 cikin ɗari na waɗanda suka sami horon sun sami sauƙi sosai, a kan kusan kashi 19 na waɗanda aka yi wa bayani da nasiha kawai. Ke nan ragewa yake yi, ba warkarwa ba, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba.

Inda ƙyalewa ta fi

Yara da yawa tik ɗinsu ba ya cika shekara guda yake ɓacewa. Idan ba ya sa ciwo, ba ya hana karatu, ba ya jawo tsokana, kuma yaron bai damu ba, zuba ido ya wadatar. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta Amurka ta fitar a 2019 ta amince da hakan. Sau da yawa ma iyaye ne abin ke tsaya wa a rai, ba yaron ba, kuma horon da aka tilasta da wuya ya kama. Ƙananan yara kuwa galibi ba su fara jin alamar gargaɗin ba sai wajen shekara 10, don haka ba su da abin tarewa. A nan an fi gyara yadda gida da makaranta ke ɗaukar lamarin: ban da faɗa, ban da ƙura ido, domin yawan zancen tik kan ƙara shi.

Tik yana hawa yana sauka da kansa, saboda haka mako guda na tsanani ba hujja ba ce ta sake tsari. Haka kuma idan yaron yana fama da rashin natsuwa ko waswasi, waɗanda kan zo tare da tik, sau da yawa su ne suka fi cancantar a fara da su. Amma fizgar wuya mai ƙarfi, motsin da ke ji wa yaro rauni, ko wanda ke zuwa da gushewar hankali, likita ake kai wa ba tare da jira ba.