Waiwaye: Shari'ar Naira Biliyan 11 a Katsina da Mai Riƙe da Makullinta

Cin dukiyar jama'a ba sabon laifi ba ne a dokar Arewa. Tun 1960 kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod ya tanadi hukunci ga ma'aikacin gwamnati da ya karɓi rashawa ko ya ci amanar dukiyar da aka damƙa masa. Abin da ya daɗe yana wahala shi ne samun mai kai babban mutum gaban alƙali. Don haka aka kafa ICPC a 2000, EFCC kuma ta fara aiki a 2003.

Duk da haka, gwamna mai ci ba ya gurfana. Sashe na 308 na tsarin mulki ya ba shi rigar kariya: ana iya bincikensa, amma shari'a sai ya sauka. Kafin nan takardu sun tsufa, ma'aikata sun yi ritaya, wasu shaidu sun riga mu gidan gaskiya.

Mutanen Katsina sun ga yadda abin yake. Ibrahim Shehu Shema ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. A 2017 EFCC ta gurfanar da shi da wasu mutum uku a Babbar Kotun Jiha, bisa zargin karkatar da kimanin naira biliyan 11 na ƙananan hukumomi. Ya musanta. Irin wannan tuhuma a kan takarda take tsayawa: bayanan banki, takardun biyan kuɗi, sa hannun wanda ya amince, da shaidar wanda ya ciro kuɗin ya ce ga wanda ya miƙa wa. Mahaɗa ɗaya ta yanke, tuhumar ta raunana.

Kafin a yi nisa, lauyoyinsa suka ƙalubalanci hurumin EFCC. Hujjarsu ita ce, kuɗin na jiha ne, laifin na dokar jiha ne, me ya kawo hukumar tarayya? Aka tafi har Kotun Ƙoli, wadda a 2018 ta yi watsi da ƙorafin, ta ce a ci gaba.

Sai dai nan gizo ke saƙar. Sashe na 211 na tsarin mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon karɓe ko janye duk shari'ar laifi da ta rataya a kan dokar jiha, matuƙar ba a yanke hukunci ba. A farkon 2023, ana dab da zaɓe, gwamnatin Katsina ta yi amfani da wannan iko, kotu ta sallami Shema. Sallama irin wannan ba ta tabbatar da laifi ba, ba ta kuma wanke kowa ba.

Abin da ke damuna ke nan. Antoni Janar kwamishina ne, gwamna ke naɗa shi. Shekara shida ana zaman kotu, amma mutumin Daura ko Funtua bai samu hukuncin da zai gaya masa ko kuɗin ƙaramar hukumarsa sun ɓata ba, shi ma wanda aka zarga bai samu hukuncin da zai wanke sunansa ba.