Mene ne metadata, kuma me ya sa bidiyon sanarwar unguwa ke buƙatarta?

Kalmar metadata ta shigo bakin masu harkar bidiyo, amma da yawa suna faɗinta ne kawai ba tare da sun tsaya sun warware ta ba. Ma'anarta bayanin da ke raka abu domin a san ko mene ne shi. Buhun masara ba ya faɗin gonar da ya fito, sai an rubuta suna da gari a jikinsa kafin a ɗora shi a mota. Wannan rubutun na jikin buhu shi ne metadata. A bidiyo kuwa, ta ƙunshi take, da bayanin da ake rubutawa a ƙasa, da hoton da ake gani kafin a kunna, da sunan fayil, da ranar ɗauka da wurin ɗauka, da kuma wanda ya fitar da shi.

Abin da ya sa na damu da wannan kalma ya faru ne a unguwarmu. An ɗauki mai unguwa a waya yana zaune a ƙofar gidansa, yana cewa: "Jama'a, gobe za a rufe rijiyar burtsatse domin gyara, kowa ya tanadi ruwansa." Ni na ɗauka, ni na tura zauren WhatsApp na unguwa. Aka yi gyara, aka gama, aka manta. Bayan watanni da dama wani ya tono bidiyon a wayarsa ya sake turawa, wai tunatarwa yake yi. A daren nan layin jarkoki ya kai bakin titi, yara suna ta faɗa a kan famfo har bayan sallar Isha'i, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin kura. Washegari rijiya na nan tana zuba lafiya lau. Mai unguwa bai yi ƙarya ba, wanda ya sake turawa ma bai yi nufin sharri ba. Kalmar "gobe" ce ta ci mu, don ba mu ɗaure ta da kwanan wata ba.

Sankira idan ya zagaya gari yana shela, muryarsa na ƙarewa a ranar, don haka "gobe" a bakinsa ba ta da ruɗani. Bidiyo ba haka yake ba. Yana nan kwance a waya shekara biyu, kuma duk ranar da aka kunna shi, goben da ke cikinsa sabuwa ce. Haka jibi da gata, haka "Asabar mai zuwa", haka "bayan Sallah". Saboda haka doka ta farko a wurina ita ce a cire waɗannan kalmomi daga take da bayani, a sa sunan rana da kwanan wata da shekara a cike.

Akwai kwanakin wata har uku da ake rikitawa. Akwai ranar da aka ɗauki bidiyon, akwai ranar da aka ɗora shi, akwai ranar da abin da ake sanarwa zai faru. Manhajoji suna nuna ta biyu ce kawai, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani, domin duk wanda ya sauke bidiyon ya sake ɗorawa ya ba shi sabuwar ranar haihuwa. A wayoyin Android za ka ga WhatsApp na raɗa wa fayil suna irin `VID-20250612-WA0007.mp4`. Lambobin tsakiya kwanan wata ne, amma na ranar da bidiyon ya shigo wayarka, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Na ga mutane suna kafa hujja da wannan lamba cewa bidiyo sabo ne, alhali ya daɗe yana yawo.

Mu ɗauki irin sanarwar rijiyar nan a matsayin misali, mu ce an ɗauke ta ranar Alhamis, 12 ga Yuni, 2025, za a kuma rufe rijiyar Asabar da Lahadi. Take mai kyau zai kasance kamar haka: "Sanarwa: za a rufe rijiyar burtsatsen Unguwa Kaza don gyara, 14 zuwa 15 ga Yuni, 2025". YouTube na ba da damar haruffa 100 ne kawai a take, kuma a fuskar waya sau da yawa ana yanke ƙarshensa, don haka abin da za a yi da wurin su zo da wuri. A bayanin ƙasa akwai fili har haruffa 5,000, amma layuka biyu na farko su ne mutane ke gani kafin su taɓa domin buɗe sauran. A nan za a rubuta wanda ke magana da muƙaminsa, ranar ɗauka, lokacin rufewa da na buɗewa, sannan a ƙara jimlar da na fi ɗauka da muhimmanci: "Wannan sanarwa ta daina aiki bayan Lahadi, 15 ga Yuni, 2025." Wajen ɗora bidiyo a YouTube akwai wani gurbi mai suna Recording date and location a ƙarƙashin Show more. Ana yawan tsallake shi, ga shi cike shi ba ya ɗaukar minti guda.

A rubuta sunan wata da haruffa. Idan aka rubuta 03/04/2025, ɗan Najeriya ko Nijar zai karanta 3 ga Afrilu, amma wayar da aka saita a tsarin Amurka tana nufin 4 ga Maris. A sunan fayil ne kawai lambobi suka fi dacewa, su ma a jera su shekara, wata, rana, yadda fayiloli za su bi juna daidai a cikin ma'ajiya:

```
2025-06-12_sanarwa_rufe-rijiya.mp4
```

Mu Hausawa muna da ƙarin abin lura da wasu ba su da shi. A lissafinmu dare na gaba da rana, don haka "daren Juma'a" a bakin dattijo yana nufin daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a, alhali matashin da ya saba da kalandar waya zai iya zuwa daren da ke bin sallar Juma'a. In taro na dare ne, a rubuta "Alhamis da daddare, bayan sallar Isha'i" tare da kwanan wata. In kuma za a sa lissafin Hijira, a haɗa shi da na Miladiyya: Asabar, 14 ga Yuni, 2025, ta zo daidai da 18 ga Zulhajji, 1446 a lissafin Najeriya. Dalilin haɗawa shi ne farkon wata ya dogara ga ganin jinjirin wata, wanda Sarkin Musulmi ke sanarwa a Najeriya, kuma yakan faru a sami bambancin kwana ɗaya da maƙwabta. Sanarwar da ta tashi daga Katsina tana iya isa Maraɗi cikin minti biyar.

Sai maganar daidaiton kalma. Take alkawari ne game da abin da ke cikin bidiyo, bai kamata ya faɗi abin da mai magana bai faɗa ba. Mai unguwa ya ce "za a rufe", to kada a rubuta "an rufe". Ya ce gyara ne, kada a rubuta "ta lalace" sai in ya ce haka. In kwamitin unguwa ne ya yanke shawara, kada a rubuta "gwamnati ta ba da umarni". In roƙo ya yi, kada a mayar da shi doka. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a karanta wa mai sanarwar taken da babbar murya kafin a tura. In ya ce "ai ba haka na faɗa ba", a goge a sake.

Kalmomin zuzutawa kuwa, irin su "da ɗumi-ɗumi", "tashin hankali", "abin da ake ɓoye muku", "tura wa kowa kafin a goge", ba su da gurbi a sanarwar unguwa. Abu ne da ke ɓata mini rai ƙwarai, domin na san inda yake kaiwa. Rubuta "Tashin hankali: an rufe ruwan unguwa" a kan bidiyon gyaran inji, kafin yamma wani ya ƙara da cewa guba aka samu a ruwan, uwa ta hana 'ya'yanta sha, a fara nuna wani da yatsa. "Da ɗumi-ɗumi" kuma tana da wata illa ta daban: tana rantsuwa cewa abin sabo ne, ga shi ba ta gogewa bayan abin ya huce. Hoton da ake gani kafin a kunna ma haka. Idan sanarwar gyara ce, a sa hoton mai magana ko na rijiyar, ba hoton wata ambaliya da aka samo daga wani gari ba. Dokokin YouTube sun hana take da hoto masu yaudara, kuma suna iya cire bidiyo saboda haka.

Sai dai duk wannan tsari yana da iyaka, kuma iyakar ce ta fi shafarmu. Take da bayani suna zaune ne a shafin da aka ɗora bidiyon, ba a jikinsa ba. Wanda ya sauke shi daga Facebook ya tura WhatsApp ya bar su a baya. WhatsApp na matse bidiyo idan an tura shi a matsayin bidiyo, don haka ba a dogara da bayanan da kyamara ta ajiye a cikin fayil. Turawa ta hanyar Document ce ke barin fayil da sunansa yadda suke, amma mutum nawa ke yin haka? Alamar Forwarded many times tana nuna cewa saƙo ya bi hannu da yawa, ba ta faɗin shekarunsa ko asalinsa. Ga kuma dattawa da yawa da ba sa karanta boko, sauraro kawai suke yi.

Maganin da muka samu shi ne shigar da muhimman bayanan cikin bidiyon kansa. Kafin mai unguwa ya fara, yakan ce da bakinsa: "Yau Alhamis, 12 ga watan Yuni, shekarar 2025, ni ne mai unguwar wuri kaza." Maimakon "gobe" yakan ambaci rana da kwanan wata, a ƙarshe ya faɗi ranar da sanarwar za ta daina aiki. Sannan a manna rubutun kwanan wata da sunan unguwa a jikin hoton daga farko har ƙarshe, ba a daƙiƙa uku na farko kaɗai ba, saboda masu yanke bidiyo su sa a Status sukan zubar da farkonsa. Kada rubutun ya lafe can a gefe, don wasu manhajoji na rufe gefuna da maɓallansu.

Idan lokaci ya canza, misali mai gyara ya ɗaga zuwa Litinin, gyaran take kaɗai bai wadatar ba, tunda muryar da ke ciki tana nan kan tsohuwar rana, kuma YouTube ba ya bari a musanya fayil a ƙarƙashin adireshi ɗaya. A ɗauki sabon bidiyo da zai fara da cewa wannan ya maye gurbin sanarwar ranar Alhamis, a sa "An soke" a farkon taken tsohon tare da adireshin sabon a layin farko na bayaninsa. Ranar da aka buɗe rijiya kuma, a koma a rubuta "Ya wuce" a gaban taken, a tura ɗan gajeren saƙon murya a zaure cewa an gama gyara, ruwa ya dawo.