Kuɗi na asusun kamfani, amma akanta ya ce ba za mu raba ba

Barista, mu uku ne da kamfanin casar shinkafa, bana mun ci ribar miliyan 30, akwai miliyan 40 a asusu, amma akanta ya ce miliyan 5 kawai za mu iya rabawa. Ba raina mana hankali yake ba?

Wallahi akantan nan naku ku riƙe shi da kyau, ya san aikinsa. Na duba takardun da ka turo, 2022 kun faɗi miliyan 18, 2023 kun sake faɗuwa miliyan 7, to wannan ramin na miliyan 25 bai ɓace ba don kawai shekara ta canja. Dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta 2020, a sashe na 427 cewa ta yi dibiden, wato kason da ake raba wa masu hannun jari, daga riba kaɗai ake biyansa, kuma ribar da take nufi ita ce duk ribar da aka tara wadda ta tabbata kuma ba a riga an raba ta ba, a cire mata duk asarar da aka tara. Kaga kenan 30 a cire 25, saura 5. Ko ɗan tebur ya san sai ka maida uwar kuɗi kafin ka ce ka ci riba, doka dai rubuta shi kawai ta yi.

Miliyan 40 ɗin da kake gani a asusu kuma, alat ne yake ruɗarka. A ciki akwai kafin alƙalamin da diloli suka ba ku na shinkafar da ba ku kai musu ba tukuna, akwai kuɗin masu shanshera da ba ku biya ba, akwai haraji. Kuɗin na hannunku amma ba naku ba ne.

Filin da muka saya miliyan 10 yanzu ya kai 50, ai wannan ma riba ce ko?

Riba ce a takarda. Sai ranar da kuka sayar kuɗin ya tabbata sannan ta shiga lissafin rabo. Kafin nan akanta zai iya rubuta ƙarin miliyan 40 ɗin na filin a wani gurbi na daban, amma ba a yanko dibiden daga can.

To da a ce ribar ta isa, shikenan sai mu tura wa kowa nasa?

A'a, akwai ƙofa ta biyu, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Sashe na 428 ya hana kamfani ayyana dibiden ko biyansa idan akwai dalili mai ƙarfi na ganin cewa bayan an biya, kamfanin ba zai iya biyan basussukansa a lokacin da ya kamata ba. Misali ribarku ta halal miliyan 5 ce, babu gardama, amma duk ta maƙale a buhunan da ke sito, ga banki na jiran miliyan 12 ƙarshen wata, ga albashin ma'aikata, in kuka kwashe ɗan tsabar da ya rage kuka raba to kun taka doka duk da cewa littafi ya nuna riba.

Sannan akwai tsari. Daraktoci ne ke ba da shawarar adadi, babban taron masu hannun jari ya amince, kuma taron zai iya ragewa amma ba zai iya ƙarawa ba ko da kowa ya ɗaga hannu. Na wucin gadi da ake biya a tsakiyar shekara shi ma sai daraktoci sun ga riba ta ɗauke shi. A rubuta komai a ajiye, a cire harajin kashi 10 cikin 100 kafin a tura. Na san a ƙaramin kamfani ku ne daraktocin ku ne masu hannun jarin, taron ma a kan tabarma ake yinsa bayan la'asar, duk da haka a rubuta.

Gaskiya mun riga mun raba miliyan 21 kafin sallah, kowa bakwai. Yanzu me zai faru?

Toh fa. Sai yanzu ka faɗi ainihin maganar.

Sashe na 433 ne naku. Duk daraktan da yana sane ya biya dibiden daga jari ko ta hanyar da ta saɓa wa waɗannan ƙa'idoji, ko aka yi da shi, to daga aljihunsa zai maida wa kamfani kuɗin. Kun raba 21 alhali 5 aka halatta muku, aƙalla miliyan 16 kenan a wuyanku. Kuma abin da ya fi ciwo, alhakin a kanku yake gaba ɗaya kuma a kan kowane ɗaya shi kaɗai, ma'ana ba dole a bi kowa da kasonsa ba, in ɗaya ya riga ya aurar da 'ya da nasa ɗayan kuma ya zuba a gini, za a iya kama kai da kake da abin hannu a ce ka biya 16 ɗin duka, daga baya kai ka san yadda za ka yi da su.

Akwai kuma wani abu da na gani a takardun da bai kwanta min ba. Cikin ribar 30 ɗin nan har da bashin miliyan 6 na wani dila da ka ce wata takwas kenan wayarsa a kashe, shagon ma wani ne a ciki yanzu. In kun san kuɗin nan ba za su dawo ba, ribar ta koma 24, ramin kuma 25, kaga ko sisi babu na rabawa, duk 21 ɗin ne ya zama matsala. Wannan ba sabon abu ba ne, irinsa ne ya faru a Ingila a shari'ar Flitcroft ta 1882, daraktocin wani banki suka riƙa nuna basussukan da suka san sun mutu kamar dukiya ce mai rai, ana ta raba dibiden a kai, da bankin ya rushe kotu ta ce su maido kuɗin, kuma amincewar da masu hannun jari suka yi a taro ba ta cece su ba.

Amma kamfanin namu ne, wa zai kai mu ƙara?

Yau babu kowa, shi ya sa abin ke da daɗi. Ranar da kamfani ya kasa biyan banki aka naɗa wanda zai tattara dukiyarsa ya biya masu bin bashi, farkon abin da zai buɗe shi ne sitatimen na banki, ya ga miliyan bakwai-bakwai sun fita rana ɗaya zuwa asusun daraktoci. Ko kuma ku ɓata da juna, ko ɗayanku ya rasu magada su zo da lauyansu. A idon doka kamfani mutum ne daban, kuɗinsa ba naku ba ne.

Ƙanina darakta ne a suna kawai, hannu yake sawa. Shi ma ya shiga?

Kalmar da za a yi ta ja a kanta ita ce sani. A shari'ar Dovey da Cory ta 1901 kotun ƙolin Birtaniya ta wanke daraktan da ya dogara da lissafin da manyan ma'aikata suka kawo masa da zuciya ɗaya, ba tare da wani abin zargi a gabansa ba. Amma ƙaninka yana wajen lokacin da akanta ya ce biyar ce kawai? In yana wajen kuma ya sa hannu, zancen suna kawai ba zai fisshe shi ba.

Ta ɗaya ɓangaren, dokar ta ba daraktan da ya biya damar ya bi mai hannun jarin da ya karɓa yana sane cewa kamfani ba shi da ikon biya. A wajenku ku ne masu bayarwa ku ne masu karɓa, don haka babu wanda zai ce bai sani ba. Ni dai da ni ne, wannan satin zan zaunar da su biyun da akanta, a fara yanke hukunci kan bashin dilan nan, sannan kowa ya maido abin da ya wuce ƙa'ida ta asusun kamfani, ba hannu da hannu ba, a rubuta a takardar taro cewa maido dibiden ne, da kwanan wata da sa hannun ku ukun.